Sanarwa Ga Dukkan Ma'aikata: Tunatarwa Kan Sabon Tsarin Karɓar Kuɗin da Aka Kashe a Bakin Aiki

Daga: Sashen Kuɗi, Babban Ofis, Kano
Zuwa: Ma'aikatan Kano, Zariya da Funtuwa
Rana: Litinin, 14 ga Yuli, 2025

Assalamu alaikum.

Sabon tsarin ya fara aiki tun 1 ga Yuli, amma har yanzu takardu na zuwa mana a tsohon fom, wasu kuma ba rasit. Muna mayar da su, abin da ke jawo wa masu su jinkiri. Don Allah a kula da abin da ke tafe.

A cike sabon fom mai launin kore, fom ɗaya ga kowace tafiya, shugaban sashe ya sa hannu kafin a kawo mana.

Maganar rasit ita ce ta fi ba mu wahala. Dole rasit ya nuna sunan mai sayarwa, kwanan wata, abin da aka saya da adadin kuɗin. Takardar POS ko saƙon banki ba rasit ba ne: suna nuna kuɗi ya fita, amma ba sa faɗin me aka saya, kuma masu binciken asusu ba sa karɓarsu su kaɗai. Rasit ɗin gidan mai da na kanti kuwa rubutunsu kan goge cikin 'yan makonni, musamman idan an bar su a mota cikin rana. A ɗauki hotonsu ranar da aka karɓa, a haɗa kwafin da na asali. Wanda aka kankare ko aka gyara da biro ba zai wuce ba.

Mun san ɗan adaidaita da 'yan dako ba sa ba da rasit. A rubuta waɗannan a bayan fom, daga ina zuwa ina da nawa, kada su haura N5,000 a rana.

Iyakar abin da za a biya:
Masauki: N35,000 a dare, Abuja da Legas N55,000
Abinci: N8,000 a rana, ga wanda ya kwana
Motar kai: N150 kowace kilomita, har da mai

Abin da ya haura iyaka, ko sayayyar da ta wuce N100,000, sai da amincewar Manaja a rubuce kafin a kashe, ba bayan an dawo ba.

A miƙa fom cikin kwana 14 da dawowa. Wanda ya iso mu kafin ƙarfe huɗu na ranar 25 ga wata za a biya shi ranar 5 ga watan gaba. Wanda ya makara sai wata mai bi masa. Bayan kwana 60 ba za a biya ba, sai da uzurin rashin lafiya. Wanda ya karɓi kuɗi kafin tafiya ya kawo bayaninsu da ragowar cikin kwana 7, in ba haka ba ba za a sake ba shi wasu ba.

Mai tambaya ya zo ofishinmu, ko ya tuntuɓi akantan reshensa.

Na gode.

Shugaban Sashen Kuɗi