Saƙo zuwa ga Likita kan sakamakon gwajin jinin Baba

Assalamu alaikum, Likita. Barka da aiki, ya gajiya?

Kabiru ne, ɗan Malam Sule, dattijon nan mai ciwon suga da hawan jini da ka duba ranar Litinin. Na karɓo sakamakon gwajin jinin da ka rubuta masa, kuma wurare da dama an ja musu layi da jan biro. Ranar da aka ba mu ta dawowa sai nan da mako uku, ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, shi ya sa na ce bari in rubuto maka.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ƙoda. An rubuta creatinine 218 µmol/L, alhali a gefen takardar an nuna bai kamata ya wuce 110 ba. Urea kuma 14.6, sannan eGFR 27. Likita, ƙodar ce ta fara gazawa? In haka ne, abu ne da ke iya gyaruwa, ko lallaɓawa za a yi ta yi? Baba ya cika shekara 68, kuma ƙanensa ya yi fama da wankin ƙoda kafin Allah Ya yi masa rasuwa, don haka da mahaifiyarmu ta ji an ambaci ƙoda sai ta fashe da kuka.

Sai potassium da ya kai 5.8 mmol/L. Wanda ya miƙo mini takardar ya ce kada in yi sakaci da wannan, domin yana iya taɓa bugun zuciya. In kawo shi asibiti yau ɗin nan, ko ana iya jira? Baba mutum ne mai son ayaba da dabino, kuma a gida ba a rasa kanwa a miya. A dakatar da su?

Jininsa ma ya yi ƙasa, PCV 28%. HbA1c kuwa 9.4%.

Ga magungunan da yake sha: metformin safe da yamma, da lisinopril sau ɗaya. Akwai kuma abin da bai faɗa maka ba ranar nan. Ya daɗe yana sayen diclofenac a kemis saboda ciwon gwiwa, yana kuma shan wani jiƙo da abokinsa ke kawo masa. Waɗannan biyun na ɗauke su tun jiya. Amma metformin da lisinopril ban taɓa su ba, sai abin da ka ce.

Kwanakin nan ƙafafunsa na kumbura da yamma, abinci bai dame shi ba, ga yawan tashi fitsari da dare. Numfashinsa dai lafiya lau, alhamdu lillahi.

Don Allah ka faɗa mini gaskiyar lamarin yadda yake, ni zan san yadda zan yi wa Baba da Hajiya bayani a hankali. In akwai buƙatar hoton ƙoda ko ganin likitan ƙoda, mu fara shirin kuɗi tun yanzu. Na haɗo hoton takardun da wannan saƙo, kuma wayata na hannuna duk lokacin da ka samu sarari.

Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara basira.

Kabiru Sule