Takardar aiki: gurbin ki a sandar injin niƙa mai milimita 40

Sani, zan wuce Dawanau da sassafe, ga aikin Alhaji nan a kan benci. Karanta wannan kafin ka kunna inji.

Na auna sandar a wurin da fuli zai zauna, milimita 40 ce cif. Kai ma ka sake aunawa da maikiromita a wuri biyu. A jadawalin DIN 6885 da ke manne a bango, sandar da ta haura 38 har zuwa 44 tana ɗaukar ki, wato ɗan ƙarfen da ke kulle fuli a jikin sanda, mai faɗi 12, tsayi 8. Zurfin gurbi a jikin sanda, wato t1, milimita 5 ne. Na cikin fuli, t2, 3.3. Kada ka bi lissafin nan na raba kauri gida huɗu, zai ba ka 10, kuma gurbin fulin Alhaji 12 ne.

Faɗin kada ya wuce 12.00, kada ya gaza 11.96. Ki ɗin ya shiga da ɗan bugun gudumar roba. In ya faɗa da kansa, aiki ya ɓaci, don kullum aka tada inji zai riƙa dukan bangon gurbin har ya cinye shi.

Zurfin ne nake so ka natsu a kai. Daga ƙololuwar bayan sanda ake ƙirga 5 ɗin. Saboda sandar zagayayya ce, bakin gurbin yana ƙasa da ƙololuwar da kusan 0.92. Ga lissafin wannan tazarar, h, da rabin kaurin sanda 20 da rabin faɗin gurbi 6:

h = 20 − √(20² − 6²) = 0.92

Ke nan in ka sa kalifa a gefen gurbi za ka ga kamar 4.08, ka ɗauka bai kai ba, ka ƙara ci. A nan yara da yawa suke kashe sanda. Ka sauko da bakin yanka har ya ɗan shafi saman sandar, ka mayar da ma'auni sifili, sannan ka sauka 5 a hankali, ci uku ko huɗu.

Da ka gama, auna daga gindin gurbi zuwa ɗaya bayan sandar:

d − t1 = 40 − 5 = 35

An yarda zurfi ya ƙaru da 0.2 kawai, saboda haka tsakanin 34.8 da 35 nake son gani. In ya gaza haka, ka dakata sai na dawo.

Sai ramin kusoshi M16 da ke bakin sandar. Daga tsakiya zuwa gindin gurbi 15 ne, rabin ramin 8, saura nama milimita 7. Ya isa wannan aikin, amma kada ka ƙara faɗin ramin. Kusurwoyin gindin gurbin ma ka bar musu ɗan lanƙwasa, don daga kaifin kusurwa tsagewa take farawa.

Alhaji zai aiko yaronsa bayan La'asar. Ka rubuta awon da ka samu a bayan takardar nan.

Oga Lawan