Ta-Kitse, a Taƙaice

Ga ta nan, ga ta nanku.

Wata tsohuwa ce a bayan gari, ba ɗa ba jika, ba ta da komai a duniya sai wani sa guda ɗaya. Tun yana maraƙi take kiwonsa, dusa da kanwa da harawa ba sa yanke masa, har tozonsa ya kwanta gefe don ƙiba. Ran nan Gizo ya shiga gidan ɗibar wuta, ya yi arba da san. Ko wutar bai ɗauka ba ya zarce fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Sarki, Sarki, kunnenka nawa?" Sarki ya ce, "Biyu." Gizo ya ce, "Ƙara biyu ka sha labari. Ranka ya daɗe, na ga san da bai dace da gidan kowa ba sai naka."

Sarki ya tura dogarai. Suka sa igiya suka ja, sa ko motsi. Suka ƙaro mutane, igiya ta tsinke. Sai da tsohuwa ta ga za su illata shi da duka, sannan ta dafa wuyansa tana hawaye ta ce, "Tashi ka bi su, abin da ya fi ƙarfina ya fi ƙarfinka." Sa ya miƙe ya bi su. A ƙofar fada ma haka aka yi: ya ƙi kayuwa sai da ta ce ya kwanta, wuƙar Sarkin Fawa ta ƙi ci sai da ta ce ya yanku. Da aka feɗe, Sarki ya ce ta zaɓi abin da take so. Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni kayan ciki kawai."

Ta kai gida ta wanke, amma ta kasa dafawa. Sai ta samo sababbin tukwane, ta sa hanta a ɗaya, huhu a ɗaya, tumbi a ɗaya, ƙoda a ɗaya, kitse a ɗaya, ta rufe ta jera a ƙuryar ɗaki. Kashegari ta tafi itace. Da ta dawo sai ta tarar an share tsakar gida, an cika randa, an yi tuwo an rufe. Ta tambayi maƙwabta, kowa ya ce ba shi ba ne. Ana nan haka, rannan ta yi kamar ta fita, ta laɓe a bayan rumbu. Can sai ta ji murfin tukwane na motsi, 'yan mata suna fitowa ɗaya bayan ɗaya: Ta-Hanta, Ta-Huhu, Ta-Tumbi, da 'yar autarsu Ta-Ƙoda. Ta ƙarshe ta fito ta tsaya a inuwar bakin ƙofa, ba ta taka rana ba. Ita ce Ta-Kitse, fara sol, kyakkyawa ta gaban kwatance. Tsohuwa ta yi wuf ta shiga ɗaki ta farfasa tukwanen, ta ce, "'Ya'yana, kun zauna ke nan." Suka ce, "To, Iya."

Gizo dai bai daina ɗibar wuta ba. Ya sake zuwa, ya ga Ta-Kitse, ya sake sheƙawa fada. Wannan karon Sarki da kansa ya hau ya zo, yana ganinta ya ce a ba shi aurenta. Tsohuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, ka ci sana, yanzu kuma 'yata? Wannan yarinya ba ta shiga rana, ba ta zuwa kusa da wuta. Ran da ta yi girki, ran nan ka rasa ta." Sarki ya yi alkawari a gaban Waziri da Liman. Aka ɗaura aure, aka kai amarya, Ta-Ƙoda ta bi ta zaman ɗaki.

Sarki ya gina mata soro mai sanyi, ya hana a sa ta kowane aiki. Nan ne fa zuciyar kishiyoyi ta ɓaci. Su daka, su niƙa, su sha hayaƙi, ita kuwa sai a kai mata akushi har ɗaki. Suka haɗiye abin, suna jiran rana.

Ranar kuwa ta zo, aka buga tambarin yaƙi. Kafin Sarki ya hau sai da ya tara matan ya maimaita musu sharaɗin, suka ce sun ji. Ƙurar dawakai ba ta gama kwantawa ba uwargida ta tsaya a ƙofar soron ta ce, "Amarya, yau girkinki ne." Ta-Kitse ta ce, "Yaya, ki yi mini rai, kin san abin da aka faɗa. Ko tsintar tsakuwar hatsi ce ku kawo mini nan in yi." Suka ce su ba bayin uwarta ba ne. Suka hana ta abinci, suka hana Ta-Ƙoda, suna yada mata habaici safe da yamma. Da ta ga yunwa za ta kashe ƙanwarta, sai ta yafa zane ta fito.

Rana tsaka aka kafa mata kasko a kan murhu, aka ba ta riɗi ta soya. Tana juyawa gumi na tsattsafowa a goshinta, ashe ba gumi ba ne. Yatsunta suka fara ɗiga a kan muciya. Ta-Ƙoda na kuka tana cewa, "Yaya, ki matsa!" Kishiyoyi na cewa, "Iza wuta!" Kafin riɗin ya yi ja, babu Ta-Kitse, sai zane da awarwaro a cikin narkakken mai. Matan suka watse, kowace ta shige ɗakinta. Ta-Ƙoda ta ɗauko ƙwarya da ludayi ta kwashe man tas, har ƙasar da ta jiƙe ba ta bari ba, ta kai wa Iya.

Saura wanda zai kai wa Sarki labari. Aka tambayi ungulu, ta ce in ta ga gawa a filin daga ba za ta wuce ba. Aka tambayi hankaka, ya ce sai an biya shi. Kurciya ce ta ce za ta je. Ta tashi ta sauka a kan laimar Sarki, ta yi ta rerawa:

"Sarki, Sarki, komo gida,
Ta-Kitse ta narke,
Riɗi aka ba ta, rana ta yi tsaka,
Ta-Kitse ta narke."

Dogarai suka kore ta, ta dawo. Da Sarki ya kasa kunne ya fahimci waƙar, sai ya bar wa Madawaki yaƙin, ya juya linzami. Bai bi ta fada ba, gidan tsohuwa ya nufa. Ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya ce, "Iya, na ci amana." Tsohuwa ta daɗe ba ta tanka ba. Can ta ce a kawo sabuwar tukunya da ruwan rijiya na asuba da farin ƙyalle. Ta juye man, ta zuba ruwan, ta rufe, ta ce kada wanda ya buɗe sai an kwana bakwai. Sarki ya kwana bakwai a zauren gidan, ba ya cin komai sai kunu.

Ran na bakwai da hantsi aka ji atishawa a cikin tukunya. Tsohuwa ta ɗaga ƙyalle, Ta-Kitse ta fito, ta fi da kyau, sai dai ƙaramin yatsanta na hagu ya gajarce, don wannan ɗigon ya faɗa wuta.

Sarki ya tara jama'a, ya sa Ta-Ƙoda ta faɗi abin da ya faru tun daga fari. Kishiyoyi suka shiga tura wa juna laifi. Ya sake su duka, ya sa aka fitar da uwargida daga ƙasarsa. Ya biya tsohuwa santa da garke guda, ya gina mata gida jikin fada, ya aurar da sauran 'yan matan ga hakimansa. Gizo ya zo karɓar tukuici, aka ce a tambaye shi wutar da ya je ɗiba, ya haye rufin zaure bai sauko ba. Ta-Kitse ta koma soronta ita ce uwargida, kurciya kuwa kullum da safe ana watsa mata gero a ƙofar soron.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.