Takarda Zuwa ga Malam kan Mas'alar Rabon Gado

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya gafarta Malam, bayan gaisuwa da fatan Malam da iyali suna lafiya, na rubuto ne game da mas'alar gadon da Malam ya ba ajinmu a darasin fara'ili na makon jiya. Na gama aikin, kuma amsata ta dace da ta 'yan'uwana ɗalibai da muka gwada, sai dai hanyar da na bi ba ita ce ta jadawali da Malam ya koyar da mu ba. Shi ya sa nake so Malam ya duba mini kafin in saba da ita.

Mas'alar ita ce, mutum ya rasu ya bar mata biyu, da 'ya'ya mata biyu, da mahaifinsa da mahaifiyarsa, da kuma ɗan'uwansa shaƙiƙi. Dukiyarsa naira 6,900,000 ce, an kashe naira 100,000 wajen likkafani da sauran hidimar jana'iza, ana binsa bashin naira 800,000, kuma ya yi wasiyyar naira 600,000 ga masallacin unguwarsu.

Na fara cire kuɗin jana'iza, sannan bashi, sai saura naira 6,000,000. A kan wannan ragowar na auna wasiyya, domin sulusin da aka yarje wa mamaci ana lissafa shi ne bayan an biya bashi. Sulusin naira 2,000,000 ne, wasiyyar kuwa ba ta kai shi ba, don haka na fitar da ita cikakkiya ba tare da neman yardar magada ba. Abin rabo ya zama naira 5,400,000.

Daga nan na tantance magada. Ɗan'uwa shaƙiƙi ba shi da komai, saboda uba ya shamakance shi. Matan biyu sun yi tarayya a sumuni tunda mamacin yana da 'ya'ya, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta nuna. 'Ya'ya matan biyu suna da kashi biyu bisa uku, uwa tana da sudusi, uba ma yana da sudusi bisa aya ta 11, tare da cewa idan da wani abu zai rage bayan masu farilla sun ɗauka, uban ne zai kwashe shi a matsayin asaba, domin babu ɗa namiji.

A nan ne na kauce wa jadawali. Ban nemi asalin mas'ala ba, kai tsaye na fitar wa kowa rabonsa a naira kamar dukiyar za ta ishi kowa. Sumunin 5,400,000 shi ne 675,000 na matan. Kashi biyu bisa uku shi ne 3,600,000 na 'ya'ya. Sudusi shi ne 900,000, uba ɗaya, uwa ɗaya. Da na tara sai na sami 6,075,000, wato abin da ake buƙata ya haura abin da ke hannu da naira 675,000. Dalilin a fili yake, 'ya'ya da iyaye su kaɗai sun cinye dukiyar baki ɗaya, domin kashi biyu bisa uku da sudusi biyu sun cika ɗaya cif, rabon matan ya zo ya tarar babu wuri.

Sai na yi tunanin cewa halin da ake ciki daidai yake da na mutumin da ake binsa bashin da ya fi dukiyarsa yawa, inda ake rage wa kowane mai bashi gwargwadon abin da yake bi. Na raba abin da ke hannu da abin da ake buƙata, 5,400,000 ÷ 6,075,000, ya ba ni 8/9. Da wannan ma'auni guda na auna rabon kowa:

Matan: 675,000 × 8/9 = 600,000, kowace 300,000
'Ya'ya: 3,600,000 × 8/9 = 3,200,000, kowace 1,600,000
Uba: 900,000 × 8/9 = 800,000
Uwa: 900,000 × 8/9 = 800,000

Jimla ta koma naira 5,400,000, ba ragi ba ƙari.

Domin in tabbatar, na sake yin aikin yadda Malam ya koyar. Asalin mas'alar 24 ne, matan suna da 3, 'ya'ya 16, uba 4, uwa 4, jimla 27, don haka mas'alar ta yi aulu daga 24 zuwa 27. Da yake 3 ba ta rabuwa ga mata biyu, sai aka ninka 27 ɗin sau biyu ya zama 54, kowane kaso naira 100,000, kowace mata ta sami kaso 3, kowace 'ya 16, uba 8, uwa 8. Amsar ba ta canja ba. Na kuma lura cewa 8/9 ɗin da na samu ita ce 24/27 idan aka rage ta, kuma 600,000 na matan kashi ɗaya ne bisa tara na dukiyar, wanda ya tuna mini da abin da Malam ya faɗa a kan mas'alar Minbariyya, wadda ake danganta wa Sayyidina Aliyu, Allah ya ƙara masa yarda, inda sumunin mace ya koma kashi ɗaya bisa tara. Na ƙara jarraba hanyar da mas'alar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai a kan naira 420,000. Rabin miji 210,000 da 280,000 na 'yan'uwan sun tashi 490,000, ma'aunin ya zama 6/7, miji ya sami 180,000, su kuma 240,000, daidai da aulu daga 6 zuwa 7.

A ganina hanyar tana da amfani ɗaya, wato sauƙin bayani. Idan aka zauna da magada, musamman matan da ke cikin takaba, aka ce musu 24 ta koma 27, da wuya su gamsu, amma idan aka nuna wa kowa rabonsa cikakke a naira, aka kuma nuna cewa a cikin kowace naira tara an rage masa ɗaya kamar yadda aka rage wa kowa, zargi zai ragu.

Amma akwai abubuwan da suka hana zuciyata natsuwa, kuma su nake roƙon Malam ya warware mini. Na farko, shin kamanta magada da masu bin bashi hujja ce karɓaɓɓiya a wajen malaman fara'ili, ko dai lissafin ne kawai ya dace? Na san Malam ya ce a zamanin Sayyidina Umar aka fara aiki da aulu, kuma Abdullahi ɗan Abbas ya saɓa, yana ganin a kan wasu magada kaɗai ragin zai faɗa, don haka ba na so in gina fahimtata a kan misalin da na ƙirƙira da kaina. Na biyu, hanyar tana buƙatar dukiya ta zama kuɗi tsaba, alhali yawancin gadon da muke gani a nan Zariya gida ne a cikin birni, ko gona, ko rumfa a kasuwar Sabon Gari, waɗanda ake sanin kason kowa tun kafin a yi musu ƙima. Akwai kuma matsalar adadin da ba ya rabuwa sumul, domin da dukiyar naira 5,000,000 ce, da tun a sudusi an fara samun ɓurɓushin kwabbai, kuma kuskure kan taru idan ana ta yin kintace. Ko wannan ne dalilin da ya sa magabata suka tsaya a kan asalin mas'ala?

Idan Malam ya ga hanyar ta inganta, ina so in riƙa amfani da ita wajen duba amsa kawai, jadawali ya zama shi ne ginshiƙi. Idan kuma akwai mas'alar da za ta karye a kanta, ina roƙon Malam ya ba ni ita in gwada da hannuna. Ina kuma son sanin ko za a karɓe ta a jarrabawar ƙarshen zango idan ɗalibi ya nuna matakansa duka.

Na haɗa da takardun aikin guda biyu, na naira da na jadawali, ƙanena Sani zai miƙa wa Malam bayan sallar La'asar. Ba gaggawa ba ne, duk lokacin da Malam ya sami sarari ya wadatar.

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗalibar Malam,
Hauwa'u, ajin manya na Asabar da Lahadi