Gwaggo, ga abin da takardar huruj wa auda ke cewa

Gwaggo, barka da yamma. Na ga hoton takardar da kafilinki ya fitar miki ta Absher, manhajar gwamnatin Saudiyya. Ki ɗauko ta ki ajiye a gabanki, mu bi ta daga sama.

تأشيرة خروج وعودة: izinin Jawazat ne, wato hukumar shige da fice, na fita daga Saudiyya a dawo. Ba huruj niha'i ba ce, wadda ake tafiya ke nan, don haka ki kwantar da hankalinki.

رقم التأشيرة: lambar bizar. Ki sa Hadiza ta rubuta miki ita a wata takarda daban, ko da wannan ta ɓata a hidimar biki.

رقم الإقامة: lambar igamarki, wato katin zama, alƙaluma 10 masu farawa da 2. Ki gwada da na jikin katin.

الاسم da الجنسية: suna da ƙasa. Na duba, daidai suke.

رقم الجواز: lambar fasfo. Nan ki natsu, Gwaggo, tunda bara kika sabunta naki a Jidda. In lambar tsohon ce a rubuce, sai an fara yin naƙalin ma'alumat, wato a mayar da bayananki kan sabon, in ba haka ba, za a tsayar da ke a filin jirgi da kayanki a ɗaure. Hoton ya yi dishi-dishi a wurin, ki sake turo min.

مفردة: fita ɗaya, shiga ɗaya. Kina dawowa ta gama aiki. Kuɗinta riyal 200 na wata 2, kowane wata na ƙari riyal 100. Mai shiga da fita sau da yawa ita ce متعددة, wadda ke farawa daga riyal 500.

مدة التأشيرة: tsawon bizar, naki kwana 60.

العودة قبل: "dawowa kafin". Duk takardar, wannan layin ne ya hana ni barci. Naki an rubuta 14 ga Sha'aban, kuma da kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya ake lissafi. Kada ki bi ganin watan Kano, sau da yawa akan sami bambancin kwana ɗaya. Kalmar kuma "kafin" ce. Ni dai shawarata ki sauka Jidda da saura kwana 4 ko 5, don jirgi na iya ɗaga tashi, dangi kuma ba za su so sakinki ba bayan an kai amarya. In wani uzuri ya taso, ki kira kafili tun kwanakin ba su ƙare ba, yana iya ƙara miki kina can, sai dai kuɗin ya fi tsada.

Abu ɗaya da ba ya jikin takardar: in Allah bai yi tafiyar ba, a soke bizar kafin wa'adinta ya wuce, domin tarar barinta riyal 1,000 ce.

Gobe bayan la'asar zan biyo da kaina in ga fasfon. Ki gaida su Hadiza.