Ƙorafi mai lamba 30817: na cire hoton allon da na turo, ga bayanin matsalar a rubuce

Assalamu alaikum Malam Yusuf,

Da fatan kana lafiya, ya aiki? Na ga amsar da ka aiko jiya Laraba, inda ka ce hoton allon da na turo ranar Talata 23 ga Satumba game da matsalar manhajarku ta kuɗin makaranta bai fita sosai ba, in sake ɗauko wani. Na gode da saurin amsawa. Sai dai ba zan sake turo wani ba, kuma wancan ɗin ma na cire shi daga shafin ƙorafin jiya bayan la'asar. Idan ka buɗe ka ga wurin wayam, ba daga wajenku ba ne, ni ce na goge.

Ga dalili. Ranar da na ɗauki hoton raina a ɓace yake, iyaye uku na tsaye a ƙofar ofis suna jirana, sai na ɗauki fuskar kwamfutar gaba ɗaya na turo ba tare da na duba abin da ke ciki ba. Da shugabar makaranta ta zo ganin abin da na aika, ita ta nuna mini cewa akwai cikakkun sunayen yara 22 a jiki, da ajinsu, da lambobin wayar iyayensu, da bashin da ake bin kowa. Amanar mutane ce, ba ni da hurumin fitar da ita, ko da kuwa zuwa gare ku ne. Ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta hau kanmu kamar yadda ta hau kanku. Kuskurena ne, na ɗauka. Abin da nake roƙo shi ne, idan kwafin hoton ya shiga akwatin imel ɗinku, ko ka riga ka miƙa shi ga injiniyoyinku, a goge shi can ma, sannan ka sanar da ni a rubuce cewa an goge. Zan sa amsar a fayil ɗin ofis.

To, ga matsalar.

Manhajarku tana lalata duk sunan da ke da harafi mai lanƙwasa, wato ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana, idan an shigar da biyan kuɗi ta hanyar fayil. Da a ce muni kawai sunan yake yi, da na yi haƙuri har ku gyara. Amma da zarar sunan ya lalace, manhajar ba ta gane yaron, sai ta buɗe masa sabon shafi kamar sabon ɗalibi, ta zuba kuɗin a can, shi kuma ainihin yaron ya zauna a jerin waɗanda ba su biya ba.

Yadda nake aikin bai canza ba tun bara. Iyaye suna biya a banki, ni kuma in sauko da bayanin asusun makaranta, in jera suna da aji da adadin kuɗi a Excel, in adana shi a matsayin "CSV UTF-8 (Comma delimited)", in ɗora ta wurin "Import payments". Zango uku na yi haka lafiya lau. Ranar Asabar 13 ga Satumba manhajar ta sabunta kanta zuwa 4.2, daga nan ne abin ya fara. Na ɗora biyan mutum 187 a ranakun Laraba 17 da Alhamis 18. A ciki 164 sun tafi inda ya kamata, 23 sun ɓata. Ko a lokacin manhajar ba ta nuna wani gargaɗi ba, "Import successful" ta rubuto da koren launi kamar kullum, shi ya sa ban farga ba.

Tunda ba zan ba ka sunan yaro na gaske ba, na ƙirƙiri ɗalibin da babu shi, na sa masa suna Ɗanladi Baƙo a aji huɗu, na gwada da shi. Wannan shi ne abin da ke cikin fayil ɗin:

```
name,class,amount
Ɗanladi Baƙo,P4,48500
```

Wannan kuma shi ne abin da ya fito a manhajar bayan an ɗora:

```
ÆŠanladi BaÆ™o
```

Sau huɗu na maimaita, a kwamfutar ofis da kuma tawa ta gida, sakamakon ɗaya ne. Kowane harafi yana da irin lalacewarsa, kuma ba ta canzawa: Ɗ yana komawa ÆŠ, ƙ yana komawa Æ™, ɗ yana komawa É—. Alamar naira ma ba ta tsira ba. A wani layi na rubuta ragowar ₦5,000 a gurbin ƙarin bayani, sai ya fito â‚¦5,000 a jikin rasit.

A cikin 23 ɗin, 17 ne masu harafi mai lanƙwasa. Sauran 6 sun ɗan wahalar da ni kafin na gano su, don sunaye ne irin su Sa'adatu da Mu'azu, kuma akwai wasu Sa'adatun da suka wuce lafiya. Ashe bambancin a alamar hamza yake. Wadda na buga da hannu a Excel miƙaƙƙiya ce, ita ba ta da matsala. Wadda ta zo daga jerin sunayen da malaman aji suka rubuta a Word kuwa mai lanƙwasa ce, ita ce ke komawa â€™. Ido ba ya saurin rarrabe su, sai na ƙara girman rubutun sosai na gani.

Na kira Malam Sani, mai koyar da kwamfuta a nan, ya duba tare da ni. Ya buɗe fayil ɗin a Notepad, sunayen suka fito daidai, a ƙasa kuma an rubuta "UTF-8 with BOM". Ke nan fayil ɗin lafiyarsa ƙalau kafin ya iso gare ku. A fahimtarsa, sabuwar manhajar tana karanta fayil ɗin da tsohon tsarin Windows-1252, wanda ke ɗaukar kowane bayit a matsayin harafi guda. Haruffanmu masu lanƙwasa bayit biyu-biyu ne a UTF-8, shi ya sa kowanne ke rabewa gida biyu, alamar naira kuma bayit uku ce, sai ta fito uku. Ni ba fannina ba ne, amma na ƙirga, lissafin nasa ya yi daidai da abin da ke kan allo. Ya ce in ba ka lambobin haruffan ko za su yi wa injiniyoyinku amfani: Ɗ shi ne U+018A, ƙ shi ne U+0199, ɗ U+0257, ɓ U+0253, naira kuma U+20A6.

Don kada a ɓata lokaci wajen ba ni shawarar abin da na riga na yi: na fita na sake shiga, na goge tarihin burauza, na gwada a Chrome da Edge. Na kuma adana fayil ɗin a matsayin "CSV (Comma delimited)" zalla, wannan ya fi muni, domin Excel da kansa ya mayar da haruffan alamar tambaya tun kafin a ɗora. Idan na shigar da biya ɗaya-ɗaya da hannu ta "Add payment", komai yana tafiya daidai, sunan yana fita da lanƙwasarsa har a rasit. Saboda haka matsalar a wurin ɗora fayil kaɗai take.

Wani abokin aikinka ya ce mini a waya ranar Talata in riƙa rubuta sunayen ba lanƙwasa, Danladi maimakon Ɗanladi, a wuce wurin. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma ba za ta yiwu ba. A rumbunku an riga an yi wa yaran rajista da sunayensu na daidai, don haka Danladi ma ba zai haɗu da Ɗanladi ba, wani sabon shafin zai sake buɗewa. Ban da haka, a makarantar nan muna cire wa yaro maki idan ya rubuta baki a inda ake nufin baƙi. Da wane ido za mu miƙa wa ubansa rasit da sunansa a karye?

Ɓarnar da aka yi zuwa yanzu ita ce wannan. Ɗalibanmu 412 ne, manhajar tana nuna 435, ban da na gwaji. Kuɗi ₦1,115,500 suna zaune a shafukan yaran da babu su. Mafi ciwo, saƙon tunatarwa da manhajar ke aikawa da kanta kowace Juma'a ya tafi ranar 19 ga wata zuwa ga iyayen nan 23, yana ce musu ba su biya ba. Ranar Litinin wani dattijo ya zo tun daga Samaru da takardar banki a hannu, ya ajiye ta a kan teburina bai ce uffan ba. Jikoki biyu yake biya wa, kuma bai taɓa makara ba. Na ba shi haƙuri har na rasa kalmar da zan ƙara. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya a waya, da katina.

Gobe Juma'a ce kuma. Na kashe "Auto reminder" a saituna, amma a shafin saƙonni har yanzu ina ganin an rubuta "Scheduled: 26 Sep, 09:00". Don Allah wannan shi ne na gaggawa: a tabbatar mini yau, kafin a tashi aiki, cewa saƙon ba zai fita ba. In ba za ku iya tsayar da na mutum 23 kaɗai ba, a tsayar da na makarantar duka, na yarda.

Bayan wannan sai maganar shafukan bogi. Ban taɓa ko ɗaya ba, domin da na danna "Delete student" a kan Ɗanladin gwaji, manhajar ta ce biyan da ke ƙarƙashinsa zai tafi tare da shi. Ina so ku haɗe kowane shafin bogi da na ainihi daga wajenku, lambar rasit da ranar biya su zauna yadda suke, saboda mai binciken kuɗi zai bi su a ƙarshen zango. Ba sai na turo sunaye ba. Duk ɗalibin da aka buɗe a asusunmu ranakun 17 da 18 ga Satumba na bogi ne, ba mu ɗauki sabon yaro ko ɗaya a kwanakin nan biyu ba. Na bar shafin gwajin guda ɗaya a aji huɗu don ku gani da idonku, shi babu sirrin kowa a ciki, kuna iya ɗaukar hotonsa yadda kuke so.

Akwai biyan mutum 61 da suka taru tun ranar Litinin, ban ɗora su ba. Zan riƙa shigar da su da hannu a hankali, amma ka faɗa mini ranar da kuke sa ran gyaran zai fito, in san ko in jira ko in nemi wanda zai taya ni. Ina ofis daga ƙarfe 8 zuwa 3, ban da gobe da muke tashi 12. Lambar ofis tana cikin bayanan asusunmu.

Na gode, Allah ya taimaka.

Malama Hadiza
Ofishin kuɗin makaranta, Tudun Wada, Zariya
Alhamis, 25 ga Satumba, 2025