Takardar darasi: P, NP da juyi, bayan gwajin ranar Talata

Na gama duba takardunku. Fiye da rabin ajin nan sun rubuta cewa NP na nufin matsalar da ba ta warwaruwa cikin lokacin folinomiyal. Ba haka ba ne, kuma wannan kuskuren shi ya haifi sauran. Ku karanta takardar nan kafin mu haɗu ranar Alhamis.

Mu ɗauki mai raba burodi da ke lodi a Kakuri, yana da shagunan da zai kai wa kaya a Barnawa, Tudun Wada, Rigasa, Unguwar Rimi, Malali da Kawo. Idan tambayarsa ita ce hanya mafi kusa daga Kakuri zuwa Kawo, algoridim ɗin Dijkstra zai ba shi amsa nan take, ko da mahaɗar tituna dubu goma ce a taswirar. Matakan da yake ɗauka ba sa wuce n², inda n ke nufin yawan mahaɗun. Duk tambayar e ko a'a da ke da algoridim mai matakai n, ko n², ko n³, ko n mai kowace tsayayyiyar lamba a kansa, tana cikin P. Irin waɗannan matakan ake kira lokacin folinomiyal. Shi ke nan P.

Me ya sa aka ja layin a nan? Ku ɗauki n = 60. n³ zai ba ku 216,000, kwamfuta ta gama kafin ƙiftawar ido. Amma 2⁶⁰ ya haura 10¹⁸. Kwamfutar da ke yin mataki biliyan ɗaya a daƙiƙa sai ta shekara 36 da 'yan kai tana aiki, in ma an bar mata wuta. Ƙara ɗaya a kan n, lokacin ya ninka.

Yanzu mai burodin ya sauya tambaya: akwai zagayen da zai bi ta kowane shago sau ɗaya, ya koma Kakuri, bai wuce kilomita 40 ba? Da shago shida, ku gwada duk jerin da hannu ma. Da shago 60, babu wanda ya san hanyar da ke tabbatar da amsa cikin lokacin folinomiyal a kowane hali. Sai dai in yaron motarsa ya miƙo takarda ya ce ga zagayen, dubawa ba wuya: a tabbatar kowane shago ya fito sau ɗaya, a tara nisan, a gwada da 40. Wannan shi ne NP: tambayoyin e ko a'a waɗanda, in amsar e ce, akwai shaidar da za a iya tantancewa cikin lokacin folinomiyal. Harafin N daga kalmar nonditaministik yake, wato na'urar da aka ƙaddara tana cankar shaidar daidai, sannan ta duba. Nema daban, dubawa daban.

Saboda haka duk abin da ke cikin P yana cikin NP, domin wanda ya iya samo amsa da kansa ba ya buƙatar a kawo masa shaida. Wanda ya rubuta mini cewa neman hanya mafi kusa ba ya cikin NP ya rasa maki biyu a nan. Ko P daidai take da NP, wannan har yau ba a warware ba. A shekarar 2000 cibiyar lissafi ta Clay da ke Amurka ta sa ladan dala miliyan ɗaya a kan tambayar, kuma kuɗin na nan. Yawancin masana sun fi karkata ga cewa ba daidai suke ba, amma zato ba hujja ba ne, kar ku rubuta shi a jarabawa kamar an tabbatar.

Sai juyi, wanda a aji muke kira ridakshan. A nan na fi so ku nutsu. Juya matsala A zuwa matsala B shi ne a sami hanyar da, cikin lokacin folinomiyal, za ta mai da kowace tambayar A ta zama tambayar B, e ta tafi ga e, a'a ta tafi ga a'a. Ana rubuta shi A ≤p B. Ma'anarsa: in B na da sauƙi, A ma na da sauƙi, in A na da wuya, to B ma na da wuya. Wuyar daga A take gangarowa zuwa B.

Ga misali daga abin da kuka sani, jadawalin jarabawa. An riga an tabbatar cewa shafa wa giraf, wato ɗigogi da layukan da ke haɗa su, launi uku, yadda ɗigo biyu da layi ya haɗa ba za su zo da launi ɗaya ba, matsala ce NP-complete, wato tana cikin mafi wuyar matsalolin NP. Muna so mu nuna cewa tambayar "za a iya gama jarabawa a zama uku ba tare da wani ɗalibi ya sami karo ba?" ita ma tana da wuya. Sai a ba mu kowane giraf. Kowane ɗigo mu mai da shi kwas. Kowane layi mu mai da shi ɗalibi guda da ya yi rajistar kwasa-kwasan nan biyu. Launi uku su ne zama uku. Giraf ɗin zai shafu da launi uku in jadawalin zai yiwu, kuma jadawalin zai yiwu in giraf ɗin zai shafu. Ginin bai ci lokacin da ya wuce ƙirga ɗigo da layi ba. Hujja ta cika.

Da yawanku kun yi shi a baibai: kun juya jadawalin zuwa launi, kuka ce kun nuna jadawali na da wuya. Abin da kuka nuna kawai shi ne jadawali bai fi launi wuya ba. Ɗora buhun gero ɗaya a tirela ba ya nuna buhun na da nauyi. Sananniyar matsala mai wuya ita ake juyawa zuwa sabuwar.

Matsala tana zama NP-complete da sharaɗi biyu: tana cikin NP, kuma kowace matsalar NP tana juyuwa zuwa gare ta. In sharaɗi na biyu kaɗai aka tabbatar, sunanta NP-hard. Ta farko da aka gano ita ce SAT, wato ko akwai yadda za a raba gaskiya da ƙarya ga harufan wata jimlar mandiƙi har jimlar ta zama gaskiya. Stephen Cook ya nuna haka a 1971, Leonid Levin kuma ya kai ga irin sakamakon shi kaɗai a Tarayyar Sobiyat, aka buga a 1973. A 1972 Richard Karp ya bi ta juyi ya jera matsaloli 21. Tun daga nan ba a komawa tushe, juyi ɗaya daga wadda aka sani ya wadatar. Kuma duk wanda ya samo algoridim na folinomiyal ga guda ɗaya cikinsu ya warware dukkan NP.

Kar kamanni ya ruɗe ku. Launi biyu na cikin P, launi uku NP-complete. 2-SAT, wato SAT mai harufa biyu a kowane sashen jimlar, na cikin P, 3-SAT mai harufa uku NP-complete. Zagayen Euler, mai bin kowane layi sau ɗaya, sauƙi ne. Na Hamilton, mai bin kowane ɗigo sau ɗaya, NP-complete ne. Gane ko lamba firam ce ya daɗe ba a san matsayinsa ba, sai a 2002 Agrawal, Kayal da Saxena a Kanpur ta Indiya suka nuna yana cikin P.

Ga mai aikin kammala digiri, gano cewa matsalarsa NP-complete ce ba dalilin sauya batu ba ne. Abin da zai daina shi ne neman algoridim mai sauri, mai amsa daidai, a kowane hali. Sai ya saki ɗaya daga ukun. In n ƙarami ne, ya gwada duka. In amsa ta kusa ta isa, akwai irin hanyar Christofides ta 1976, wadda zagayenta ba ya wuce ninki ɗaya da rabi na mafi gajarta, muddin ratse ba ya taɓa fin miƙaƙƙiyar hanya kusa. Ko ya juya matsalarsa zuwa SAT ya miƙa wa manhaja irin MiniSat, wadda kan warware manyan tambayoyi na zahiri duk da ba ta da tabbacin sauri. A nan juyin da na kira baibai shi ne daidai, domin amsa ake nema, ba hujjar wuya ba.

Aikin gida: ku nuna cewa tambayar mai burodi NP-complete ce, ta hanyar juyi daga zagayen Hamilton. Ku fara da nuna tana cikin NP, sannan ku rubuta ɓangarorin hujjar biyu. Shafi ɗaya, da hannu, a kawo ofishina kafin azahar ranar Alhamis.